Tsinken gwajin fitsari ya nuna kore a wurin PRO, ƙanwata kuma tana da cikin wata bakwai

Maman Sadik (Garwa):
Salamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah wanda ya iya karanta tsinken nan na gwajin fitsari ya taimaka mini. Ƙanwata ce take da cikin fari, sati 32, shekarunta 19, ta dawo gida wajenmu goyon ciki. Kwana huɗu ke nan ƙafafunta sun kumbura, yau da safe kuma na ga har fuskarta ta tasa, zoben da ke hannunta ya ƙi fita sai da muka sa sabulu. Akwai robar tsinken da muka saya wa Inna a farmasi saboda ciwon sukarinta, mai gida goma a jiki, sai na ce bari in gwada mata. Na tsoma, na ajiye a kan taga, na je na sauke tuwo na dawo. Da na kara shi da launukan jikin robar, wurin PRO ya zama kore, ya yi daidai da inda aka rubuta 1 g/L da alamar ++. Wurin GLU ya ɗan sauya zuwa gida na farko. Wurin BLD ma ya yi kore-kore. Ranar awonta sai Alhamis ta sama. Mu jira, ko yaya?

Baban Iliya (Ngaundere):
Wa alaikumus salam. Hajiya, GLU ɗin nan sukari ne, kuma kin ce mahaifiyarku na da shi. Ai gado ne ya bayyana. Ta bar shayi mai sukari da lemon kwalba daga yau. Ni da kaina da fitsari aka fara gano nawa, shekara shida ke nan. Kumburin ƙafa kuwa kowace mai ciki tana yi.

Amaryar Marwa:
Layi nawa ya fito? In biyu ne ai cikin na nan lafiya, ki kwantar da hankalinki Yaya.

Maman Sadik (Garwa):
A'a ƙanwata, ba na gwajin ciki ba ne, ciki kam ga shi nan kowa na gani. Wannan mai ƙananan gidaje ne masu launi-launi.

Ungozoma Kusuri:
Maman Sadik, kada ku jira Alhamis. Kafin komai ina son abu biyu daga gare ki yanzu. Na farko, ki tambaye ta: tana ciwon kai da ya ƙi sauka? Tana ganin dishi-dishi ko wasu taurari na gilmawa a idonta? Tana jin ciwo a ƙahon zuci ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama? Ɗan na motsi kamar yadda ya saba? In ta amsa e a ɗaya daga cikin ukun farko, ko motsin ya ragu, ki ajiye wayar nan ku kama hanyar asibiti. Na biyu, ki nemo na'urar awon jini, ko ta maƙwabta ce. A mai cikin da ya wuce sati 20, furotin a fitsari tare da awon jinin da ya kai 14/9, wato 140/90, shi ne abin da ke gaba da jijjigar masu ciki, wadda wasu ke kira taune-taune. Shi ya sa a cikin gidajen nan uku da kika lissafa, PRO, gidan da ke nuna furotin, shi ne ya tsaya mini a rai. Malam Baban Iliya, kumburin ƙafa da yamma kam ana yi, amma fuska da yatsun hannu da sassafe wani abu ne daban.

Maman Sadik (Garwa):
Ta ce kai yana ɗan sara mata tun jiya amma ba sosai ba, ido lafiya, ciki lafiya, yaro na motsi. Na aiki Sadik gidan wani malamin makaranta a layinmu, yana da na'urar.

Mai Labo (Injamena):
Kafin yaron ya dawo, Hajiya, a sake gwajin, domin wanda kika yi ba za a kafa hujja da shi ba. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, kuma kuskuren da na fi gani shi ne wanda kika yi: a tsoma a tafi a dawo. Ki duba jikin robar, a gefen kowane layin launi an rubuta lokacinsa. A yawancin masu gida goma, GLU ana karanta shi a daƙiƙa 30, PRO da BLD mai nuna jini a daƙiƙa 60, LEU mai nuna fararen ƙwayoyin jini ne kawai ke kaiwa minti biyu. Bayan minti biyu duk launin da ya fito ba a lissafa shi, don maganin da ke cikin gidajen yana ci gaba da aiki, ga iska tana busar da shi, gefe-gefen su yi duhu. Sauke tuwo ai ya fi minti biyar.

Sannan ki faɗa mini, a cikin me ta yi fitsarin, kuma da me aka wanke abin?

Maman Sadik (Garwa):
A fo ɗin yara ne. Na wanke shi tas da ruwan jabel kafin ta yi, don kada datti ya ɓata gwajin.

Mai Labo (Injamena):
To ga inda GLU da BLD ɗinki za su iya fitowa. Gidajen nan biyu suna sauya launi ne ta hanyar wani aiki da jabel ma ke iya tayarwa. Ragowar jabel kaɗan a gindin roba ya isa ya sa su nuna sukari da jini a inda babu. Kin yi niyyar tsabta, amma a nan tsabtar ce ta shiga tsakani.

Ga yadda za ku yi. Ki samo kwalba ko kofin da aka ɗauraye da ruwa zalla ya bushe. Ta yi tsarki da ruwa kaɗai, daga gaba zuwa baya, ba sabulu ba maganin kashe ƙwayoyi. Ta saki farkon fitsarin a masai, ta tari na tsakiya, ta saki na ƙarshe. Wannan yana da muhimmanci ga mai ciki, saboda farin ruwan da ke zubo musu in ya gauraya da fitsari shi kaɗai yana iya ɗaga PRO. Ki zaro tsinke ɗaya ki rufe robar nan take, kada yatsa ya taɓa gidajen. Ki tsoma duka gidajen su jiƙe, daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, ki fitar, ki goga gefensa a bakin kofin. Ki riƙe shi a kwance, kada ki tsayar da shi, domin in ya tsaya ruwan gidan sama yana gangarowa na ƙasa launuka su cakuɗe. Ki kunna agogon waya tun lokacin tsomawa.

Wurin karawa kuma a kula da kai da gindi. A irin wannan tsinke, gidan GLU shi ne na kusa da inda ake riƙewa, LEU na can ƙarshen baki. Na sha ganin wanda ya juya shi ya karanta launin wani gida a layin wani. Kuma ki fita tsakar gida tunda akwai sauran hasken rana. Kwan lantarki mai ja-ja yana sauya yadda launuka ke fitowa a ido.

Baban Iliya (Ngaundere):
Malam, na ji batun jabel. Amma in aka sake ya sake nuna sukari fa? Ai maganata ta tabbata ke nan.

Mai Labo (Injamena):
Ba ta tabbata ba tukuna, Alhaji, ko da yake ba ka yi nisa da gaskiya ba. Ƙoda tana tace sukari ta mayar da shi jini, ba ya tsallakowa fitsari sai ya haura wajen 1.8 g/L a jinin. Shi ya sa a irinka, namiji babba, in aka ga sukari a fitsari akwai dalilin zargi mai ƙarfi. Amma ciki yana saukar da wannan shinge. Mai ciki tana iya zubar da ɗan sukari a fitsari alhali na jininta daidai yake, musamman in ba ta daɗe da shan abu mai zaƙi ba. Fitsari ba ya yanke hukuncin ciwon sukari ga kowa, jini ne ke yankewa: ga wanda ba shi da ciki, 1.26 g/L ko sama da haka kafin karin kumallo, a kuma maimaita. Masu ciki nasu ma'aunin ya fi wannan ƙasa, kuma akan ba su ruwan sukari giram 75 su sha a bi jinin ana aunawa. Tunda mahaifiyarsu na da ciwon, ya kamata a auna mata, a nan ina tare da kai.

Abin da nake so ka riƙe kai kanka shi ne ɗaya gefen. Tsinke ya nuna babu sukari ba ya nufin naka ya daidaita. Mutum na iya yawo da 1.6 a jini fitsarinsa fes. Mai shan ƙwayar bitamin C da yawa kuma, tana iya danne launin GLU da na BLD su nuna babu alhali akwai.

Baban Iliya (Ngaundere):
Ikon Allah. Ni kuwa da tsinken nake duba kaina, in ya nuna babu sai in ce na samu lafiya in ɗaga ƙafa da magani kwana biyu. Ashe ba haka ba ne.

Ungozoma Kusuri:
Alhaji don Allah ka daina ɗaga ƙafar nan. Maman Sadik, ina labari?

Maman Sadik (Garwa):
Mun sake yadda Malam ya ce, da kofin gilashi da agogo, a tsakar gida. GLU a daƙiƙa 30 bai motsa ba, yana nan shuɗi-shuɗinsa irin na gidan NEG, wato babu komai. BLD ya tsaya ruwan lemo, sai ɗigo-ɗigon kore ƙanana guda uku ko huɗu kamar an yayyafa. PRO kuwa ya sake komawa kore, daidai ++ ɗin nan, na kira maƙwabciyata ma ta duba ba tare da na gaya mata abin da na gani ba, ta nuna gida ɗaya da ni. Fitsarin kansa rawaya ne mai duhu, yana da kumfa. SG, mai nuna kaurin fitsari, ya nuna 1.025.

Ɗan Yagwa:
Jini a fitsari? Wannan tsargiya ce, ku tambaye mu mutanen bakin Logon. Yarona ɗan shekara goma haka ya yi ta yi, ƙarshen fitsarinsa sai jini ya ɗiga a wando. Kakarsa tana cewa zafin rana ne, wasu na cewa girma ne ya zo. Da muka kai shi, aka ce a kawo fitsarin tsakar rana, tsakanin ƙarfe 10 da 2, aka duba a madubin labo aka ga ƙwan tsutsar. An auna nauyinsa kilo 30, aka ba shi firazikwantel ƙwaya biyu ya sha bayan ya ci abinci. Jinin ya tsaya. Bana ya sake komawa wanka a magudanar gonakin shinkafa, ga shi ya dawo. Ku ma Garwa ai kuna da Binuwai. Ku nemi maganin nan ku ba ta.

Mai Labo (Injamena):
Abin da aka yi wa ɗanka daidai ne, ɗan'uwa. Ma'aunin miligiram 40 ne a kowane kilo, kilo 30 ya ba da 1200, ƙwayar kuma 600 ce, shi ne biyun. Maganin yana kashe tsutsar da ke jiki ne, ba ya hana sabuwa shiga, don haka a mai da shi a sake dubawa. Kuma gaskiya ne a yankunanmu, daga Logon da tafkin Maga har Lagdo, yaron da tsinke ya nuna masa jini tsargiya ake fara tunani. Amma kada a sayo wa mai ciki magani a kan ɗigo huɗu.

Ga abin da ɗigon ke nufi. In gidan BLD ya yi tabo-tabo, ƙwayoyin jini ne da ba su fashe ba, kowace ta sauka ta bar shaidarta. In ya rine gaba ɗaya kore bai ɗaya, to ƙwayoyin sun fashe, ko kuma jan sinadarin jini ne ko na tsoka ke fita, irin wanda ake gani a zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da fitsari ke komawa kamar shayi, ko bayan mutum ya sha mugun duka ko aikin da ya fi ƙarfinsa. Ɗigo kaɗan irin nata shi ne mafi ƙanƙantar mataki. Yana iya zama daga mafitsara, yana iya zama daga gaba ya gauraya, yana iya zama ciwon sanyin fitsari. Madubi ne zai raba. Wanda nake ce wa kada ya yi wasa ko kaɗan shi ne dattijon da ya ga jini a fitsari ba tare da zafi ba, ko sau ɗaya ne, wannan sai an duba mafitsara da ƙoda.

Hajiya, LEU da NIT fa, gidajen da ke nuna alamar ciwon sanyin fitsari?

Maman Sadik (Garwa):
Su biyun ba su sauya ba. Kuma ba ta zuwa kogi, a Marwa ta girma wajen gwaggonmu, ruwan famfo suke sha.

Baban Iliya (Ngaundere):
To ni tambayata, robar nan tun yaushe aka buɗe ta? Zafin Garwa a watan Afrilu ai ya wuce 40. Ba mamaki tsinken ne ya lalace yake nuna kore, a tayar wa yarinya hankali a banza.

Mai Labo (Injamena):
Tambaya ce mai kyau. A jikin robar an rubuta a ajiye ƙasa da 30, nesa da rana da laima, kuma 'yar jakar da ke ciki mai shan danshi ba a fitar da ita. Ɗakunanmu a bazara sun wuce haka nesa. Hanyar ganewa a gida: ki zaro busasshen tsinke ki kara da layin NEG, in wani gida ya riga ya dushe ko ya yi duhu tun bai taɓa fitsari ba, robar ta tashi aiki. Sannan ki gwada da fitsarin mai lafiya, kamar Sadik. In nasa ma ya ba da ++, tsinken ne. Haka kuma fitsari mai kauri irin na 1.025 yana ɗan ƙara wa PRO nauyi, da alama ce kawai ko + ɗaya da na ce ta sha ruwa a sake da safe. Amma ++ sau biyu ba na ɗora shi a kan zafin rana.

Ungozoma Kusuri:
Malam, a gwada na Sadik ɗin in an so, amma ba zan so a tsaya jiransa ba. Ko da tsinken ya lalace, fuskar da ta kumbura da kan da ke sara ba tsinke ne ya kawo su ba. Ina awon jinin? Ta zauna ta jingina minti biyar, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana. A auna, a jira kaɗan, a sake.

Maman Sadik (Garwa):
Malamin ya zo da kansa. Na farko 154/101, na biyu 151/99. Ya ce wai 15/10 ke nan. Na Sadik kuma PRO bai sauya ba, rawaya.

Ungozoma Kusuri:
To ku tashi yanzu, 'yar'uwa, ba gobe ba. Ku tafi asibitin da ke da ɗakin haihuwa da ɗakin tiyata, kada ku tsaya a ƙaramin wurin awo na unguwa. Ku ɗauki katin awonta da kayan kwana. In da hali a samu mota, kada a ɗora ta a babur. Kada ku ba ta maganin hawan jinin kowa, kada a ba ta jiƙo, kada kuma a ba ta maganin sa fitsari don kumburi ya sauka. Da kun isa ki faɗi abu huɗu a jere: sati 32, jini 15/10 sau biyu, furotin ++ sau biyu, ciwon kai tun jiya. In Allah ya kiyaye ta fara jijjiga a hanya, ku kwantar da ita a gefen hagu, kada a cusa mata cokali ko yatsa a baki.

Abin da ke faruwa shi ne mahaifa ce ke sa jijiyoyin jini su matse, matatar ƙoda ta fara yoyo, furotin da ya kamata ya zauna a jini ya bi fitsari. Kumfar da kika gani ke nan. Yawan kore ba shi ke nuna tsananin ciwon ba, na ga mai + ɗaya da ta yi jijjiga, na ga mai +++ da ta kai lokacinta lafiya. Awon jini da alamomin nan ake bi. In ya kai 16/11 ko alamomin suka tsananta akwai allurar maganiziyom da ake yi don tare jijjigar.

Amaryar Marwa:
Innalillahi. Allah ya sauke ta lafiya. Ni ma wata biyar gare ni, a wurin awonmu sau ɗaya aka taɓa karɓar fitsarina, sauran sai a ce tsinke ya ƙare. In sayi nawa ne in riƙa yi a gida?

Mai Labo (Injamena):
Ni ina ganin ki saya, in dai za ki bi lokaci ki kuma adana robar a wuri mai sanyi, kamar kusa da randa inda ruwa ba ya taɓa ta. Yau ga shi ya yi rana.

Ungozoma Kusuri:
A nan mun rabu da kai, Malam. Ni da kuɗin in ta haɗa ta sayi na'urar awon jini ya fi mini. Tsoron da nake ji shi ne mace ta ga PRO rawaya ta ce lafiya lau ta ƙi zuwa awo, alhali jinin na iya hawa tun furotin bai fito ba. Ga Alhaji nan ya faɗa mana abin da tsinke ya sa shi yi da maganinsa. Ƙanwata, in kin saya ki riƙa kai shi wurin awon a yi miki a can, a rubuta a kati.

Mai Labo (Injamena):
Ban ƙi taki ba Hajiya, sai dai na'urar ba kowa ke iya sayenta ba, roba ɗaya kuwa mata goma za su iya haɗa kuɗi su raba amfaninta.

Maman Sadik (Garwa):
Salamu alaikum, ku yi haƙuri da shiruna, kwana biyu muna asibiti. Da muka isa daren nan jinin 15/10 ne, nasu tsinken ma ++ ya ba da. Sun kwantar da ita, sun sa ta a maganin saukar da jini, sun yi mata allurai biyu da suka ce na ƙarfafa huhun jariri ne ko da za a ciro shi da wuri. Yau da safe 14/9, ciwon kan ya sauka, fuskar ma ta ɗan saɓe. Sukarin jininta kafin karin kumallo 0.84. A madubi sun ce ƙwayoyin jini kaɗan ne, ba su ga ƙwan tsargiya ba, amma fitsarin safe ne aka kai.

Ɗan Yagwa:
Na safe ba ya nunawa sosai. A sake da na tsakar rana, Hajiya, ko a Marwa ai yara na wasa a kududdufi da damina.

Maman Sadik (Garwa):
Zan faɗa wa likitan in ya zagayo. Yanzu abin da ba su yanke ba shi ne ranar haihuwa. Ɗaya ya ce in jinin ya zauna za su ja ta zuwa sati 37 suna dubawa, ɗaya ya ce in ya sake hawa ko gwajin ƙoda da hanta ya canza ba za su wuce 34 ba. Gobe da safe za a sake ɗibar jini. Hajiya Ungozoma, in sakamakon ya fito zan turo miki hotonsa ki duba mini.